Yadda muka yanka bangon wani bene don binne fayif, da ginshiƙin da sai da muka yi wa ɗori

Aikina kula da gini ne, kuma a duk matakan da gida ke bi daga tushe zuwa fenti, babu wanda nake tsayawa a kansa da ƙafata kamar lokacin yankan bango. A wannan gaɓar birkila ya gama nasa, an zuba dekin, an yi rufi, mai gida ya fara ganin gida a tsaye, hankalinsa ya kwanta. Sai mai wayarin ya shigo da girandarsa, mai aikin famfo ya biyo shi, daga baya mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki ya zo, kowa da hanyar da yake so fayif ɗinsa ya bi, kuma kowa hanyar da ta fi kusa yake nema. Babu wanda ya gina bangon a cikinsu, don haka ba lallai ne ya san abin da ke ɗauke da me ba.

Gidan da zan ba da labarinsa bene ne hawa ɗaya a yankin Ɗanbare a Kano. An riga an ɗora shi kafin a miƙa mini, abin da ya rage shi ne wayarin, famfo, filasta da sauran kayan gamawa. Bangon waje da wasu na ciki bulo ne mai inci tara, na tsakanin ɗakuna da banɗakuna mai inci shida. Ginshiƙan, waɗanda masu aiki ke kira fila, inci tara ne a kan inci tara, wato milimita 225 kowane gefe, daidai da kaurin bangon. Wannan daidaituwar ita ce tushen matsala a gidajenmu da yawa, domin da zarar an yi filasta, ido ba ya bambanta inda bulo ya ƙare da inda kankare ya fara.

Kafin kowa ya jona giranda da wuta, na ɗauki zanen injiniya da gwangwanin jan fenti na bi gidan ɗaki ɗaki. Duk inda fila take na shafa mata ja daga sama har ƙasa, haka bim, wato kankaren da ke kwance a kan fila yana ɗauke da dekin, da linta da ke saman ƙofa da taga. A falon ƙasa, wanda aka riga aka yi wa filasta, sai da na auna da tef daga zane, na ƙwanƙwasa da guduma don in tabbatar: bulo yana amsawa da sauti mai rami, kankare kuwa shiru yake, ƙarar a dunƙule. Daga nan na tara mai wayarin da mai famfo a wuri guda, na ba kowa alli mai launi daban, na ce su zana mini duk hanyar da suke so su bi a jikin bango, da inda kowane soket da makunni da kan famfo zai zauna. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni kuwa a nan nake ganin rabin aikin, domin layin alli ana goge shi da tsumma.

Da suka gama, sai ga abin da na saba gani. A babban ɗakin ƙasa, mai wayarin ya ja layi a kwance, tsayin santimita 45 daga daɓe, tun daga wannan kusurwa har waccan, don ya haɗa soket huɗu da fayif guda. A kicin ma mai famfo ya yi irin wannan a tsayin wurin wanke-wanke. Na ce musu ba za a yi ba. Mai wayarin, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya ce, "Oga, ai haka muke yi ko'ina, kuma ga fila nan tana ɗauke da ginin. Bulo ai cike gurbi ne kawai."

Maganarsa tana da gaskiya a takarda. A zane, fila da bim ne ke ɗaukar nauyi. Amma duk wanda ya tsaya a wurin gini a ƙasar nan ya san yadda ake yi: a fara jera bulo, a bar gurbin fila, a rufe da katako a zuba kankare, sannan a kafa bim a kan bulon kai tsaye a zuba. Bim ɗin da aka zuba a kan bango, a kansa yake zaune, kuma duk nauyin da aka ƙara daga sama, bangon yana karɓar rabonsa ko zane ya so ko bai so ba. A gidan da ba bene ba kuwa, wanda sau da yawa fila ƙalilan ne ko babu, bulon ne ke ɗauke da komai.

Don in nuna masa, na sa lebura ya kawo bulo guda mai inci tara, muka kifa shi muna kallon ramukansa biyu. Tsawonsa milimita 450, faɗinsa 225. Na sa tef a fatarsa ta gaba, ta ba ni wajen 40, ta baya ma haka, ga kuma ƙasusuwa uku da suka haɗa su, biyu a baki ɗaya a tsakiya. Idan ka lissafa naman da ke jikin wannan bulo, ka cire ramuka, fatar gaba ita kaɗai ta kai kashi ɗaya cikin uku. Fayif ɗin wayarin mai milimita 25 yana buƙatar rami mai zurfin 30 zuwa 35 don filasta ta rufe shi da kyau. To, ka cire 35 daga 40, me ya rage? Ɗan abin da ya rage kuma cizil ne zai farfasa shi ya faɗa cikin rami. Ma'ana, yanka a kwance daga kusurwa zuwa kusurwa yana raba bangon da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a layi guda, kuma duk daga gefe ɗaya. Nauyin da ke saukowa ta tsakiya sai ya koma kan fatar baya, bangon ya fara neman lanƙwasawa ta wajen da aka yanka. Ga shi kuma bulonmu na kasuwa, wanda wasu ke fitar da arba'in ko hamsin daga buhun siminti guda, dama can ba wani ƙarfi gare shi ba, wani ma da yatsa kake murje bakinsa.

Ƙa'idar da Birtaniya ke bi, wadda injiniyoyinmu da yawa suka koya a makaranta, ta ce yanka a tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, yanka a kwance kuma kada ya wuce ɗaya cikin shida. A bango mai inci tara, ke nan milimita 75 a tsaye, 37 a kwance. A mai inci shida, 50 da 25. Sai dai wannan lissafi ya fi dacewa da bulo cikakke marar rami. A namu mai rami, 37 ɗin nan ita ce kusan dukan fatar. Shi ya sa ni a wurina dokar ta fi haka tsauri: babu dogon yanka a kwance, babu yanka a karkace daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, wanda shi ma illarsa ɗaya da na kwance.

Mafita ba ta da wuya. An riga an binne fayif a dekin kafin zuba kankare, da bakunansu a saman bango, don haka makunnai duka daga sama muka sauko musu a miƙe. Soket kuwa, da yake ba a yi sikiridin ba tukuna, wato shafen simintin da ake daidaita daɓe da shi, muka shimfiɗa fayif a kan daɓe, kowane soket ya samu nasa ya tashi santimita 45 a tsaye. Fayif ya ƙaru, waya ta ƙaru, kuma na gaya wa mai gida haka tun kafin a saya. Akwai wani amfani na biyu da yake zuwa a ɓagas: idan kowace waya a miƙe take sama ko ƙasa da soket ɗinta, wanda zai buga ƙusa don rataye labule ko allon talabijin bayan shekaru ya san inda zai kauce wa.

Sai muka zo kan yankan kansa. Idan birkila ya jera bulo rabi a kan rabi yadda ya kamata, ramukan suna haɗuwa daga sama zuwa ƙasa kusan a layi ɗaya. Don haka muka gyara layukan alli, muka matsar da kowanne ya faɗa kan tsakiyar rami, ba kan ƙashin bulo ba. Wani soket ya matsa da inci uku, wani huɗu, babu wanda zai lura. Ta haka fata kawai ake tsagawa, siririyar tsaga a tsaye, ƙasusuwan suna nan daram, nauyi kuma yana bi ta dama da hagu ya wuce.

Na hana fara aiki da guduma da cizil. Na ga inda ake yi, yaro ya tsaya yana dukan bango da guduma mai nauyi don ya buɗe hanyar fayif mai kaurin yatsa biyu, ya ƙare da rami mai faɗin tafin hannu, bulon da ke kewaye duk ya jijjigu, simintin da ke tsakaninsu ya saki. Ɓarnar da ba a gani ta fi wadda ake gani. Mu da ƙaramar giranda muka yi, mai faifai inci huɗu da rabi, wadda ko ka danna ta iya ƙarfinka ba ta nutsewa fiye da milimita 30 ko kusa da haka. Babbar mai inci tara tana shiga fiye da 60, kuma a hannun wanda ya gaji da rana, sai ta wuce inda ake so, don haka na ajiye ta a sito. Ana yanka layi biyu a jere, tazarar milimita 35 ga fayif guda, sannan a sa siririn cizil a ɓalle tsakiyar da duka marar ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa. Ƙura kuwa ba a magana. Cikin minti kaɗan ɗaki ya yi fari, gashin idon yaran ya koma kamar na tsofaffi. Ƙurar yashi da siminti tana zama a huhu ba ta fita, don haka na sa kowa ya ɗaura takunkumi na ƙwarai da gilashin ido, yaro guda kuma yana tsiyaya ruwa kaɗan kaɗan daga gora mai hudajjen murfi a kan layin, nesa da jikin injin da wayarsa.

A bangon inci shida da ke tsakanin ɗakunan yara na tarar da wani abu da ake yawan yi don sauƙi: soket a wannan ɗaki, soket a wancan, baya da baya, akwati na jingine da akwati. A nan an cire fatar gaba da ta baya a wuri guda, bango ya zama taga. Ban da rauni, duk maganar da aka yi a ɗaki ɗaya ana jin ta a ɗayan. Na sa aka matsar da ɗaya da tsawon bulo guda. Haka kuma na hana yanka kusa da bakin ƙofa ko taga, musamman ƙarƙashin inda linta ta ɗora kanta, domin nauyin da ke saman ƙofar duka a wannan ɗan wurin yake taruwa.

Na famfo ya fi na wuta wuya saboda kauri. Fayif ɗin ruwan sha mai milimita 20 ko 25 yana bin hanya irin ta wayarin. Amma na ruwan wanka mai inci biyu, da na masai mai inci huɗu, wani abu ne daban. Mai inci huɗu kaurinsa milimita 110. Bangon inci shida 150 ne. Wanda ya ce zai binne shi a ciki, ya raba bangon gida biyu ne daga sama har ƙasa, ya bar filasta tana riƙe da su. Mai gidan ba ya son ganin fayif a jikin gidansa, kuma na fahimce shi. Muka sauko da na masai ta bayan gida a waje, birkila ya gina masa siririn akwati na bulo da ƙaramar ƙofa ta dubawa a ƙasa, aka yi masa filasta ya zama kamar ado. A kicin, dogon layin nan na kwance muka mayar da shi saman bango, a bayan inda kabad za su rufe.

Duk wannan ya tafi lafiya. Matsalar daga falo ta fito.

Mai gida ya turo mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki da kansa, don ya binne fayif ɗinsa kafin fenti. Ina sama muna gwada ruwa da mai famfo, sai na ji ƙarar giranda ta sauya. A kan bulo, kukanta a sake yake, tana tafiya da sauri. Wannan kuwa ta yi nauyi, tana ƙugi, sannan ta yi wani tsiririn ihu na ƙarfe a kan ƙarfe. Na sauko da gudu. Daga bakin ƙofa na hango tartsatsin wuta yana fita daga bango. Bulo ba ya tartsatsi irin wannan. Idan ka ga jan wuta yana feshi daga bango, rodi ake ci.

Mutumin ya zo da babbar girandarsa, ya hau tsani, yana yanka a tsakiyar jan fentin da na shafa. Na sa aka zare wuta. Na ce, "Malam, ba ka ga ja ba?" Ya ce ya gani, amma daidai nan ne bakin fayif ɗin na'urar zai fito, kuma ɗan kaɗan zai shafta. Ya ƙara da cewa kankare ya fi riƙe fayif da kyau, kuma zai mayar da siminti mai ƙarfi ya toshe, ba wanda zai san an taɓa. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, da zuciya ɗaya yake faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin yana nufin ya sha yin haka a wasu gidajen.

Muka share ƙura muka auna. Ramin ya fara daga ɗan ƙasa da bim ya sauko wajen santimita 60, faɗinsa milimita 70, zurfinsa 60, don ya ɗauki fayif biyu na jan ƙarfe da rigarsu, da na zubar ruwa, da waya. A cikin filar akwai rodi huɗu masu milimita 16, ɗaya a kowace kusurwa, da zobba da ake kira rin, suna kewaye da su kowane milimita 175. Kankaren da ya rufe ƙarfen daga waje bai wuce milimita 25 zuwa 30 ba. Duk abin da ya wuce wannan zurfi, ya isa ga ƙarfe. Ya datse zobe uku, ya kuma ɗan karci rodi guda a gefe.

Na kira injiniyan da ya zana gidan, na ce kada kowa ya taɓa wurin sai ya zo. Da ya iso, a gaban mai gida ya yi bayani, domin Alhajin yana ganin abin bai kai a tsayar da aiki ba. Ya fara da kankaren. Fila mai 225 a kan 225, an cire mata 70 a kan 60, wato wajen kashi takwas cikin ɗari na jikinta, kuma daga fuska ɗaya. Ya ce ƙa'idar Amurka ta aikin kankare, ko fayif ɗin da aka shirya aka binne tun kafin zubi, ba ta yarda ya cinye fiye da kashi huɗu cikin ɗari na fila ba. A irin wannan fila, fayif mai inci biyu guda ɗaya ya riga ya kai iyaka. Mai inci huɗu, wanda ake gani wasu na cusawa a tsakiyar fila don saukar da ruwan sama, yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Amma ya ce ba kankaren ne ya fi damunsa ba, zobban ne. Mutane suna raina rin saboda siriri ne, suna ganin aikinsa kawai ya riƙe rodi kafin a zuba kankare. Rodin da ke tsaye a fila danne shi ake yi daga sama, kuma dogon ƙarfe siriri idan aka danne shi, neman bauɗewa waje yake yi. Zoben ne ke hana shi, kamar igiyar da ta ɗaure damin kara: muddin tana nan damin yana tsaye ka ɗora masa kaya, ka tsinke ta kowane kara ya kama gabansa. Shi ya sa tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta ce tazarar zobba kada ta wuce kaurin rodi sau goma sha biyu, wato milimita 192 ga rodi mai 16. Yanzu da aka datse uku a jere, rodi biyun da ke wannan fuska sun rasa abin da ya haɗa su na tsawon milimita 700, fiye da kaurinsu sau arba'in. Ga shi kuma a saman fila ne, kusa da bim, inda take shan lanƙwasa fiye da tsakiyarta.

Alhaji ya ce, "To Injiniya, idan aka kwaɓa siminti mai ƙarfi aka cike ramin fa?" Injiniya ya ce nauyin bene ya riga ya zauna a kan kankaren da ya rage. Abin da ka cusa daga baya da cokali bai ɗauki komai ba, kuma idan ya bushe yana ɗan tsukewa ya rabu da tsohon. Zai rufe ido ne kawai. Ƙari a kan haka, kankare mai kyau shi ke kare ƙarfe daga tsatsa. Facin filasta yana shan ruwa da iska, ga fayif ɗin sanyi da ke yin gumi a jikin rodi. Tsatsa idan ta kama, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta tura kankare waje har ya ɓalle. Ba yau za a gani ba, ba kuma baɗi ba, amma ana cikin gidan za a gani.

Gyaran da ya tsara, haka muka bi shi. Da farko aka kawo turakun ƙarfe masu zare aka tokare bim ɗin dama da hagu na filar, kowanne a kan katako mai kauri don kada ya nutse a daɓe, aka kuma tokare na sama daidai kansu, don a rage wa filar kaya kafin a taɓa ta. Birkila ya cire bulon da ke manne da ita gefe da gefe a daidai tsawon wurin, don hannu ya zagaya. Da cizil da ƙaramar guduma, ba da inji ba, aka ɓare fatar kankaren a kewaye har zobba suka bayyana, ba a shiga cikin cikinta ba. Injiniya ya auna karcewar da ke jikin rodi ya ce ba ta yi zurfi ba, a bar shi. Ya ce da an datse shi, da sai an goya masa wani, ya zarce wurin da kaurinsa sau arba'in zuwa hamsin sama da ƙasa, wanda ke nufin fasa har cikin bim.

Mai lanƙwasa rodi ya yi sababbin zobba, kowanne gida biyu, aka rungumo rodi huɗun da su daga gaba da baya, mai walda ya haɗa bakunansu inda suka hau juna, ba tare da ya taɓa manyan rodin da wuta ba. Aka matso da su kusa, kowane milimita 100. Aka goge ƙarfe da buroshin waya, aka wanke ƙura, aka jiƙa tsohon kankaren sosai tun daren jiya don kada ya zuƙe ruwan sabon. Kafinta ya yi akwati da baki a sama mai kama da mazurari, wanda ya ɗan fi wurin gyaran tsayi, don abin da za a zuba ya cika har ya danna sama babu gurbin iska. Ba kankare na yau da kullum aka zuba ba, wani garin gyara ne na musamman da ake sayarwa a buhu, wanda ke malala da kansa kuma ba ya tsukewa idan ya bushe. Ana zubawa ana bubbuga katakon a hankali. Bayan an cire akwati aka sassabe ɗan tudun da mazurarin ya bari, aka naɗe wurin da buhun algarara ana jiƙa shi safe da yamma har mako guda, domin lokacin hunturu ne, iska na busar da komai nan da nan. Turakun ba a sassauta su ba sai da injiniya ya dawo ya duba ya ba da izini. Kuɗin wannan gyara ya ninka na haɗa na'urar gaba ɗaya. Ita kuwa na'urar, an matsar da ita ƙafa biyu zuwa hagu, aka huda rami guda zagayayye a bulo, fayif ya fita waje kai tsaye ya sauka ta baya.

Rufe ramukan sauran gidan ma yana da nasa tsari. Ba mu rufe ko ɗaya na ruwa ba sai da mai famfo ya toshe bakuna, ya cika layin, ya matsa shi da famfon gwaji, muka bar shi ya kwana muna duban ko allurar ma'aunin famfon za ta sauka. Ta sauka a banɗaki guda, muka sami haɗin da bai narke da kyau ba, aka yanke aka sake. Mai wayarin ya zura wayar da ake jawo wayoyi da ita a kowane fayif don a tabbatar babu inda ya toshe ko ya lanƙwashe. Na ɗauki hoton kowane bango da tef a miƙe a jikinsa, na tura wa mai gida ya adana. Sannan aka kafe fayif da ƙusa da waya don kada ya motsa, aka wanke ramin, aka cika shi da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. Inda aka huda cikin ramin bulo sosai, kamar wajen babban akwatin rarraba wuta da fayif da yawa suka taru, ba mu cusa takardar buhun siminti da ɓaraguzai ba kamar yadda ake yi, kankare mai ƙananan tsakuwa muka ɗura ya cika ramin. Bayan ya sha iska, aka buga ragar waya a kan kowane layi, ta zarce shi da santimita goma dama da hagu, kafin filasta. Ragar ce ke hana siririyar tsagar nan da ke fitowa daidai kan fayif bayan an yi fenti.

Wanda ya shiga gidan da aka riga aka gama, yana iya gane irin yankan da aka yi masa. Tsaga madaidaiciya a kwance, a tsayin soket ko tsayin wurin wanke hannu, wadda ta bi bango daga wannan gefe zuwa wancan, alamar dogon yanka a kwance ce. Idan siririya ce kamar gashi kuma ba ta ƙaruwa, sau da yawa filasta ce kawai. Idan tana buɗewa, ko ka aza dogon katako a tsaye ka ga bangon ya yi ciki a daidai layin, wannan ta wuce mai fenti. Soket ko makunni da ke zaune a kan fila, ko a kusurwar gini inda fila ta saba zama, shi ma abin tambaya ne, domin akwatinsa kaɗai ya fi fatar kankaren zurfi. Idan kuma ka ga jan tabo na tsatsa yana fitowa ta cikin fenti, ko tsaga a tsaye kusa da gefen fila, ka ƙwanƙwasa ka ji wurin yana amsawa kamar ya rabu da jikinsa, ƙarfen ciki ya fara kumbura ke nan. A wannan hali kada a bari kowa ya ɓare wurin don ya leƙa, sai an tokare bim ɗin da ke kanta kuma injiniya yana tsaye.